Takardar maganin damina: a sassauta harshe, a bar ƙa'ida yadda likita ya rubuta

Da zarar damina ta kankama a Katsina, masu rabon magani sukan bi gidaje, daga Ƙofar Marusa zuwa Rafindadi da Sabuwar Unguwa, ɗauke da ƙwayoyin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari a 2012, kuma a jihar Katsina aka fara gwada shi a Najeriya a 2013, da haɗin gwiwar ƙungiyar Malaria Consortium. Magunguna biyu ne: salfadoksin-firimetamin, wanda mutane suka fi sani da Fansida, da kuma amodiyakwin. A gaban mai rabo ake ba yaro kashin ranar farko. Na rana ta biyu da ta uku kuwa uwa ake bar wa, sai ɗan bayanin da aka yi mata a tsaye da abin da ke rubuce a takarda.

Bayanin likitanci yakan fito da harshen ofis, wanda ko an mayar da shi Hausa yakan yi nauyi a kunne. Ga misalin irin wannan jimla: "Wajibi ne mai kula da yaro ya tabbatar da kammala kashi na biyu da na uku na amodiyakwin a ranaku biyu masu biyowa." Ba ƙarya a ciki, amma matar da ke fama da girki da goyo ba za ta tsinci komai ba. Mai gyara takarda yana iya cewa: "Maman yara, sannu da ƙoƙari. Ƙwaya biyu suka rage a hannunki. Ki ba shi ɗaya gobe, ɗaya jibi, ko da kin ga lafiyarsa ƙalau. Ki narkar da ita a ɗan ruwa mai tsabta, ki tabbatar ya shanye." An gaishe ta, an yi mata magana kai tsaye, an sa gobe da jibi a madadin lissafin ranaku. Yawan ƙwaya da yawan kwana suna nan ba a taɓa su ba.

Inda ake samun ɓarna shi ne in son faranta wa mai karatu ya rinjayi alƙalami. Wani zai rubuta "ki ci gaba da ba shi har ya ji daɗi", yana ganin ya tausasa magana. Wannan ya riga ya canza umarnin likita, domin yaron da ake ba wannan magani ba mara lafiya ba ne. Uwar da ta karanta haka za ta dubi ɗanta yana tsalle a tsakar gida, ta ƙulle ragowar ƙwayoyin a gefen zani ta ajiye sai ranar da jikinsa ya yi zafi, ko ta ba wansa ɗaya don kada ya ga an ware shi. Kariyar da maganin ke bayarwa, wadda ba ta wuce kamar mako huɗu ba, ta dogara ne ga shan kwana ukun cif. Shi ya sa masu rabo ke dawowa bayan kowane kwana 28 har damina ta ja baya. Takarda mai kyau takan faɗi wannan dalili a jimla ɗaya, domin uwar da ta san dalili ta fi riƙe umarni.

Shekaru ma haka. Ƙa'ida ta ce daga wata 3 zuwa wata 59. Babu uwar da ke ƙirga shekarun ɗanta da wata hamsin da tara, don haka dole a sauƙaƙa. "Ƙananan yara" ya yi faɗi, har jaririn mako shida zai shige ciki. "Zuwa shekara biyar" ya shigar da wanda ya riga ya cika biyar ɗin. Abin da ya yi daidai da asali shi ne "daga wanda ya cika wata uku zuwa wanda bai cika shekara biyar ba". Sannan kwalin maganin iri biyu ne: na 'yan wata 3 zuwa 11 rabin ƙarfin na 'yan wata 12 zuwa 59 ne. A gidan da ke da goyo da ɗan yaye, kamar yawancin gidajen cikin birni, tilas takarda ta ce ƙarara kada a musanya na wannan da na wancan.

Sashen gargaɗi ne ya fi shan wuya a hannun masu gyara, don suna tsoron kada a firgita iyaye su ƙi karɓar magani, kuma tsoron nasu yana da tushe a ƙasar da ta ga yadda jita-jita ta dakatar da allurar shan inna a 2003. Duk da haka, share gargaɗi ba tausayi ba ne. Ba a ba yaron da ke cikin zazzaɓi wannan magani, sai a tura shi asibiti a gwada jininsa, in maleriya ce a ba shi maganin warkarwa. Ba a ba wanda ke shan Saftirin, domin shi da Fansida dangin salfa ne, haka wanda irin waɗannan magunguna suka taɓa yi wa illa, ko wanda ya sha ɗaya daga cikin biyun a mako huɗun da suka wuce. Ana iya faɗin duk wannan cikin ladabi: "Don Allah ki sanar da mai rabo in yaronki yana shan wani magani, ki nuna masa kwalbar." Ana iya kwantar mata da hankali cewa yawancin yara ba abin da ke samun su, wasu kuma sukan ɗan yi amai. Amma in ƙuraje suka feso, ko fata da baki suka fara saɓulewa, ko ido ya yi rawaya, maganar ita ce a daina bayarwa a tafi asibiti nan take. "In an samu dama a leƙa asibiti" wani umarni ne daban.

Batun amai yana da adadinsa: in yaro ya amayar da kashin farko cikin minti 30, mai rabo yakan sake ba shi. Wanda ya mayar da minti 30 ya zama "jim kaɗan" ya bar wa kowace uwa ta yanke nata lokacin.

Hanyar tantance gyara ba ta da tsada. A ajiye tsohuwar takarda da sabuwa gefe da gefe, a ja layi ƙarƙashin kowane adadi, kowane "kada", kowane "idan", a tabbatar duk wanda ke cikin tsohuwa ya fito a sabuwa. Sai likita ko masanin magunguna ya duba ya sa hannu, don marubuci, kome ƙwarewarsa da Hausa, ba shi da hurumin yanke abin da za a cire. Daga nan a karanta wa mata kaɗan, misali cikin masu jiran awo a asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. Kada a tambaye su "kun gane?", domin kunya kaɗai ta isa ta sa a amsa da e. A ce: "Hajiya, gobe da safe me za ki ba shi, guda nawa?" In amsoshin suka saɓa wa juna, takardar za a koma wa. Karantawa da ƙarfi tana da wani amfanin, tunda da yawa ba da idonsu za su karanta ba: miji ne, ko 'yar makarantar gidan, ko mai shiri a rediyo zai karanto musu, kuma jimlar da ta fi numfashi ɗaya tsawo takan rasa rabinta a hanya.

Shi kuma mai karatu, in takardar lafiya ta zo hannunsa, ya duba ko akwai sunan hukumar da ta fitar da ita, ya duba ko ta faɗi shekaru da yawan ƙwaya da yawan kwana, da alamun da za su sa a garzaya asibiti. Wadda ta cika da kalamai masu daɗi ba ta da waɗannan, ko ta yi alkawarin cewa yaro ba zai ƙara yin zazzaɓi ba, a kai ta wurin ma'aikacin lafiya kafin a yi aiki da ita. Maganin damina yana rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100 a gwaje-gwajen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da su, saboda haka yaron da ya sha yana buƙatar kwana a gidan sauro, kuma in jikinsa ya yi zafi a kai shi gwajin jini a ranar.