Daga Murya Zuwa Takarda: Yadda Nake Rubuta Bashin da Aka Ƙulla ta Waya

Yawancin basussukan da muke ƙullawa mu 'yan ci-rani yanzu ta waya ake yinsu. Mai kuɗi yana Kwatano, mai karɓa yana Maraɗi, sai a ɗauki muryar hirar a ce an yi shaida. Ɗaukar muryar tana da amfani, amma ita kaɗai ba ta raba gardama. Ranar da aka saɓa, kowa ɓangaren da ya yi masa daɗi zai kunna. Aya ta 282 a Suratul Baƙara kuwa rubutu ta yi umarni da shi, tare da shaidu.

Tun kafin a fara, a gaya wa mutum cewa ana ɗauka, amincewarsa ta shiga cikin muryar. Wanda aka ɗauka a ɓoye, ranar da ya gane, batun bashin ma ajiye shi za a yi a koma rigimar cin amana. WhatsApp ba ya ɗaukar kira da kansa, don haka nakan buɗe lasifika in ajiye wata wayar a gefe.

Bara wani Alhaji maƙwabcin shagona a kasuwar Dantokpa ya ranta wa ɗan 'yar'uwarsa da ke Maraɗi kuɗin saro albasa. Ya kawo mini hirar, minti goma sha ɗaya, ya ce in rubuta. Sau biyu na saurara, na farko ba tare da biro ba. A na biyun duk inda aka ambaci kuɗi ko lokaci sai in tsayar, in rubuta maganar da mintin da aka faɗe ta.

A minti na 4 Alhaji ya ce, "Na ba ka jaka ɗari shida." A nan na fi daɗewa. Jaka a bakin mutumin Nijar sefa 1,000 ce, amma dattijon Kano da ka ce masa jaka, naira 200 ya sani. Haka "ɗari" a kasuwar Maraɗi dala ɗari ake nufi, wato sefa 500. Saboda haka na rubuta 600,000 da lamba, na sake rubutawa da kalmomi, na ƙara da cewa sefar yamma ce. Ta Kamaru da Chadi darajarsu ɗaya a hukumance, amma takardunsu daban, kuma ɗan canji sai ya ci nasa.

Yaron ya ce, "Kawu, rabi bayan Sallah, sauran jaka ɗari-ɗari duk wata." Wace Sallar? Watan sama ko na Bature? Ba su faɗa ba, ni ma ban cike musu ba. Marubuci ba ya ƙara abin da kunnensa bai ji ba, ko da ya tabbata ya san nufinsu. Na jera su a ƙasa a matsayin tambaya, har da wanda zai biya kuɗin aike. Sannan a minti na 9 yaron ya nemi a fara biyan na wata-wata bayan wata biyu, Alhaji ya ce "to, ma gani." Wannan ba amincewa ba ce, ita ma tambaya ta zama.

Da suka amsa, takardar ta tsaya haka: sefa 300,000 kada ta wuce 20 ga Zulhajji, sauran 300,000 kashi uku, 100,000 a ƙarshen Muharram, Safar da Rabi'ul Awwal, domin Alhaji bai yarda da jinkirin ba, kuɗin aike a kan mai biya. Yaron yana sayarwa har Kano, don haka muka sa cewa bashin sefa ne, in kuma naira zai bayar, da canjin ranar biya za a lissafa. Da an yanke canji tun ranar rance, naira na faɗuwa Alhaji ya tafka asara.

Alhaji ajami yake karantawa, bokonsa sai a hankali. Na ɗauki hoton takardar, na kuma karanta ta da murya, na tura cikin zauren WhatsApp mai mutum biyar: su biyu, shaidu biyu, da ni. Ban karɓi alamar babban yatsa ba, ban karɓi "ba komai, Kawu" ba. Na ce kowa ya turo murya ya faɗi sunansa, adadin kuɗin da ranakun da bakinsa. A nan ne yaron ya ce ƙarshen Safar zai fara, muka gane bai ji an ƙi jinkirin ba. Alhaji ya sake kiransa, ya sassauta masa wata guda, muka soke takardar farko muka rubuta sabuwa mai kwanan wata: Safar, Rabi'ul Awwal, Rabi'us Sani. Shaidun biyu kowa ya ajiye muryar da hoton a wayarsa, asalin takardar kuma tana cikin akwatin uwargidan Alhaji.