Tafiya da jariri a jirgin sama: madara da ruwansa suna wucewa

Yawancin iyaye sun ji cewa ba a wucewa wurin binciken filin jirgi da ruwan da ya haura mililita 100, dokar da ta fara aiki a 2006. Tsoronta ke sa wata uwa ta zubar da ruwan da ta tafasa wa ɗanta tun kafin a tambaye ta, alhali abincin jariri ba ya cikin wannan iyaka. Madara da tafasasshen ruwa suna wucewa gwargwadon buƙatar tafiya, muddin jaririn yana tare da ke.

Kafin a kai nan, sai an shirya takardu. Yaron da bai cika shekara biyu ba yana iya zama a cinyar babba, kuma a tafiyar ƙasashen waje yawanci ana biya masa kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba. Babba ɗaya, yaro ɗaya a cinya. Ko ɗan wata guda ne, sai da fasfonsa da bizarsa. A riƙe takardar haihuwa, da wasiƙar amincewar uba idan ba ya cikin tafiyar. A lura da ranar dawowa: idan yaro ya cika shekara biyu a can, sai an kama masa kujera.

Mu ɗauki uwar da za ta tashi daga Kano zuwa Landan ta Addis Ababa da ɗan wata shida mai shan madarar gwangwani. Daga gida zuwa masauki za ta iya cinye awa ashirin. Idan yana sha duk bayan awa huɗu, sau biyar ke nan, ta ƙara biyu saboda jinkirin jirgi. Kada ta dama duka tun daga gida, domin madarar da aka dama ba ta wuce awa biyu a waje ba tare da firji ba. Ta auna garin kowane sha daban, ta wanke fida ta dafa ta, ruwa kuma ta riƙe shi daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama gari da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, saboda garin kansa yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Don haka filas yana da amfani.

A wurin bincike, ta fito da kayan daga jaka, ta sa su a tire daban, ta faɗa wa jami'i tun bai tambaya ba. Ana iya buɗe su a gwada, musamman filas na ƙarfe da ba a ganin cikinsa. Mai yiwuwa a maimaita binciken inda aka sauya jirgi, don haka kada a cusa su a ƙasan jaka. A Birtaniya ana barin nonon uwa da aka tatsa har mililita 2,000 a kowace kwalba, amma ba a shiga da daskararre a jakar hannu. Ruwan famfon bayin jirgi kuwa, kada ya taɓa fidar jariri.