Bandar kifi a Dakoro: Launi ba shi ne shaidar bushewa ba

Garin Dakoro da ke arewacin jihar Maradi a Jamhuriyar Nijar ba shi da kogin da ke gudana duk shekara. Kifin da ake ci a can, ko dai daga tabkunan da damina ke cikawa yake fitowa, ko kuma 'yan kasuwa su kawo shi daga nesa. A irin zafin yankin, ɗanyen kifi ba ya kwana lafiya in babu ƙanƙara, shi ya sa ake dogaro da banda.

Sai dai banda iri biyu ce. Kifin da ya yi awa biyu ko uku a kan wuta ya dahu, ya yi ja, amma kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya wuce kwana uku. Wanda ake so ya yi watanni kuwa sai ya samu awa 10 zuwa 18, har ruwan jikinsa ya koma kashi 15 cikin 100 ko ƙasa da haka.

Sikeli na iya raba gardama. Idan aka fede tarwaɗa kilo 10, kusan kilo 8 ruwa ne. In aka sauke ta tana da kilo 4, da sauran aiki. Sai ta dawo wajen kilo biyu da sulusi sannan ta cancanci ajiya.

Inda aka fi kuskure shi ne wajen wuta. Idan harshen wuta ya yi ƙarfi tun farko, fatar kifin takan ƙandare ta kulle ruwan a ciki. Waje ya bushe, ciki kuma ya ci gaba da ruɓewa. Masu sana'ar sukan cire hanji da harza, su wanke kifin, su jiƙa shi a ruwan gishiri, su bar shi ya tsane. Daga nan sai a dafa shi da matsakaicin zafi, a rage wutar zuwa garwashi da hayaƙi, ana juya shi.

Mai saye zai iya ganewa idan ya karya kifin ta wajen kauri. Busasshe yakan karye ƙas, wanda bai bushe ba kuwa lanƙwashewa yake yi, naman kusa da ƙaya yana da laushi.

A watannin Yuli zuwa Satumba, busasshen kifi yakan sake jan laima daga iska, musamman in an ƙulle shi a leda da ɗuminsa. Nan ne fumfuna ke samun wuri. Wasu nau'o'inta na fitar da gubar afalatokzin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. Don haka kankare fumfuna ba ya maido da kifin, zubarwa ake yi.

Rigakafin shi ne a bar kifi ya huce, a ajiye shi a kwando sama da ƙasa, a riƙa mayar da shi kan garwashi idan ya fara laushi. Hakan na kashe tsutsa, ba sai an fesa masa fiya-fiya ba, wadda guba ce ga mai ci.