Murabaha da rancen banki: yadda ake gane wanda ya fi tsada

Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, sayen kaya ta hanyar murabaha ya yaɗu a arewacin Najeriya: banki ya sayi kaya, ya ɗora riba sananniya, mai saye ya riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Sai dai ribar da ake faɗa wa mai saye ba ma'auni ɗaya take da kuɗin ruwan rance ba.

A ƙaddara manomin rani a Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, yana son injin ban ruwa na naira 600,000. Banki ya sayar masa a kan 720,000, zai biya 60,000 kowane wata har wata 12. Ribar ta kama kashi 20 cikin ɗari.

Wani bankin kuma ya yi masa tayin rancen 600,000 da ruwa kashi 30 a shekara, ana lissafawa a kan abin da ya rage. A ido, murabahar ce mai sauƙi. Amma wannan rance kusan 58,500 ne a wata, jimillar ruwansa kimanin 102,000, ƙasa da ribar 120,000.

Dalili shi ne manomin bai riƙe 600,000 shekara guda cur ba. Kowane wata yana rage kimanin 50,000 daga uwar kuɗin, don haka matsakaicin abin da ke kansa kusan 325,000 ne. Idan aka raba 120,000 da wannan adadi, ana samun wajen kashi 37. Cikakken lissafi yana ba da kashi 2.9 a wata, kusan 35 ke nan a shekara.

Lokacin biya ne ke juya komai. Da zai biya 720,000 a dunƙule bayan shekara, kashi 20 ne daidai. Idan a dunƙule ne bayan wata shida, da ya kwashe amfanin gona, ya zama 40.

Wannan ma'auni na tsada ne kawai, ba hukunci ba. A 1990 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta ƙara farashi saboda jinkirin biya, muddin an tsayar da farashi ɗaya lokacin ciniki.

Tsayuwar farashin tana da daraja. A 2024 Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5, abin da ya shafi masu rancen da ruwansu ke bin kasuwa. Mai murabaha yana nan a kan 720,000, kuma bisa ƙa'ida tarar jinkiri sadaka ake yi da ita.

Amma idan ya biya da wuri, rangwame yawanci sai yadda banki ya ga dama, shi kuwa mai rance ruwan sauran watannin yakan faɗi.