Ɗan Layin Da Ke Mayar Da Bashi Ya Zama Kuɗi

Idan banki ya ba ka takardar bayanin asusu, wadda ake kira sitatimen, kana iya ɗaukar hotonta da waya, manhaja ta karanto maka lambobin cikin tebur. A Excel akwai Data from Picture, ga kuma Google Lens da ke kwaso rubutu daga hoto. Aikin yini guda sai ya ƙare cikin mintuna. Sai dai ni ban taɓa yarda da teburin da ya fito ta wannan hanya ba, sai na sa shi ya yi wa kansa shaida.

Manhajar siffar rubutu take gani, ba ta san kuɗi ba. A kowane layi na sitatimen, ɗaya daga cikin gurabe biyu yana zama fanko: ko Debit, wato kuɗin da suka fita, ko Credit, waɗanda suka shigo. Fanko ba shi da siffa, don haka sau da yawa manhajar takan tsallake shi ta tura adadin gurbin maƙwabcinsa. Alamar ɗebewa kuma ɗan layi ce da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Inuwar hannu ko lanƙwasar takarda ta isa ta haɗiye ta. Wasu bankunan ma ba sa sa ta a gaba: sukan rubuta 18,000.00- ko (18,000.00) ko 18,000.00 DR, duk ma'anar ɗaya ce, banki na bin ka. Excel yana gane mai baka biyun da kansa, amma sauran biyun yakan bar su a matsayin rubutu. Alamar hakan ita ce adadin ya jingina hagu a gurbinsa, alhali lambobi na gaskiya dama suke jingina.

Mu ɗauki misalin wani mai sayar da hatsi da bankinsa ya yarda ya ci fiye da abin da ke asusunsa. An jera teburin haka: A kwanan wata, B bayani, C fita, D shiga, E ragowa. Layi na 2 ya buɗe da naira 42,000.00. A layi na 3 ya tura 60,000.00, ragowa ta koma -18,000.00. A na 4 an cire kuɗin turawa 53.75, wato naira 50 da harajinta, ta zama -18,053.75. A na 5 aka biya shi 25,000.00, ta dawo 6,946.25.

Ragowar nan ita ce alƙali. Ta layin baya, a cire abin da ya fita, a ƙara abin da ya shigo, dole ta ba da ta wannan layin. Sai ka rubuta wannan a F3, ka ja shi har ƙasa:

```
=ROUND(E2-C3+D3-E3,2)
```

Duk layin da ke daidai zai nuna sifili. A ce alamar ɗebewa ta ɓace a layi na 3, aka karanta 18,000.00. F3 zai nuna -36,000, F4 kuma 36,000. Layuka biyu a jere, adadi ɗaya, ɗaya da alama ɗaya babu: ragowar ce aka karanta ba daidai ba, kuma tun da 36,000 ninkin 18,000 ne, alama ce ta faɗi. Da kuwa 25,000 ɗin layi na 5 ne ya zame zuwa gurbin fita, layin kaɗai zai yi ƙorafi, da -50,000. Idan bambancin ɗan ƙaramin abu ne kamar 53.75 ko 26.88, nemi layin cajin da aka tsallake, yawanci a ƙasan shafi. Kada ka gyara ragowa don ta dace da lissafinka. Koma ga takardar ka duba da ido.

Kwanan wata ne wannan gwaji ba ya kamawa, shi ya sa ya fi ba ni tsoro. A Najeriya 03/04/2024 yana nufin 3 ga Afrilu, amma kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta ɗauke shi 4 ga Maris, ba tare da ta ce uffan ba. Duba wata rana da ta wuce 12, kamar 15/04/2024. In ita ta jingina hagu sauran na dama, an juya maka watanni. Masu asusun sefa a Nijar kuma su lura, a rubutun Faransanci tazara ce ke raba dubbai, kamar 1 250 000, kuma manhaja na iya yanka ta gida uku.

Bayani mai tsawo yakan zubo zuwa layi na biyu, ya fito kamar wata hada-hada marar kwana marar kuɗi. Mayar da shi cikin na samansa, ka goge layin, sannan ka sake jan lissafin. Daga ƙarshe ka haɗa jimlar C da ta D, ka gwada su da jimlolin da banki yakan buga a kai ko a ƙarshen sitatimen, har zuwa kwabo.