Shekara 19 Suna Wasiƙa, Ba Su Taɓa Ganin Juna Ba

Da musu abin ya fara. A shekarar 1912 wata budurwa marubuciya a birnin Alƙahira, May Ziyada, ta karanta littafin Jibran Khalil Jibran mai suna Al-Ajniha al-Mutakassira, wato karyayyun fikafikai. Labarin Salma ne, wadda aka yi wa auren dole da ɗan ɗan'uwan wani babban limamin coci, ta riƙa saduwa da tsohon masoyinta a ɓoye. May ta ɗauki alƙalami ta rubuta wa marubucin a New York. Ta ce ta yarda mace na da ikon zaɓar mijinta, amma da zarar an ɗaura aure, ganawar ɓoye cin amana ce, ko da hira kawai ake yi. Jibran ya amsa. Daga nan ambulan ya riƙa ƙetare teku har 1931.

Dukansu biyu Kiristocin Sham ne da zama ya kai su nesa da gida. An haifi Jibran a Bsharri ta ƙasar Lebanon a 1883, aka kai shi Amurka yana yaro. Ita kuwa a Nazarat aka haife ta a 1886, iyayenta suka koma Masar. A Alƙahira ba ƙaramar mace ba ce. Duk ranar Talata falon gidansu cika yake da manyan marubuta irin su Ɗaha Husaini da Abbas al-Aƙƙad, wasunsu ma sun so ta, ba ta ba kowa fuska ba. Shi kuma yana can a ɗakinsa na zane da ya raɗa wa suna Sauma'a, ɗakin kaɗaita.

Wanda ya taɓa manna kan sarki ya kai wasiƙa gidan waya ya san zaman jiran amsa. Tasu a jirgin ruwa take tafiya, ta yi makonni a hanya. Kafin amsa ta iso, fushin da ya sa aka yi rubutun ya huce, ko kuma ya ninka. Yaƙin duniya na farko ya katse su, sai a 1919 wasiƙu suka dawo sosai. A lokacin ne Jibran ya fara kewaye-kewaye, yana maganar wata alaƙa ta ruhi da ke tsakaninsu. May ta ji haushi, ta ga kamar ya wuce gona da iri, ta yi masa shiru. Haka suka yi ta yi: ya matso ta ja da baya, ta sauko shi kuma ya koma zancen hazo da mafarki.

A watan Janairun 1924 ta gaji da ɓoyo. Ta rubuta masa cewa tana sonsa kuma tana tsoron son, ta ƙara da cewa da yana gabanta da ba ta iya furtawa ba, da ta gudu don kunya. Takarda ce ta ba ta bakin magana. Amsar Jibran mai daɗin karatu ce, yana lallashinta kada ta ji tsoro. Sai dai babu maganar zuwa a ciki, balle ta aure.

A nan nake ganin laifinsa ya fi nata. Jiragen ruwa suna zirga-zirga, kuma bayan littafinsa The Prophet ya fito a 1923 kuɗin tafiya ba zai gagare shi ba. May ta je Turai, ba ta ƙarasa Amurka ba, amma a al'adar wancan zamani ba budurwa ce za ta bi namiji har ƙofar ɗakinsa ba. Ga alama May ta takarda ta ishe shi, wadda ba ta ganin rashin lafiyarsa, ba ta ganin kwalbar da ya saba da ita, ba ta kuma tambayarsa sauran matan da ke cikin rayuwarsa, irin su Mary Haskell da ta daɗe tana ɗaukar nauyinsa.

Ciwon hanta ya kashe shi ranar 10 ga Afrilun 1931, yana da shekara 48. May ta rasa mahaifinta kafin nan, mahaifiyarta ta bi baya ba da daɗewa ba. Baƙin ciki ya kwantar da ita, dangi suka ce ta taɓu, suka kai ta asibitin masu taɓin hankali a Lebanon. Sai da abokai irin su Amin al-Rihani suka tashi tsaye aka sake ta, ta yi lacca a Jami'ar Amurka ta Beirut a 1938, jama'a suka ga hankalinta garau. Ta rasu a Alƙahira a 1941, ba ta taɓa aure ba.

Wasiƙun Jibran da ta adana su ne Salma al-Kuzbari da Suhail Bushru'i suka tattara suka buga da sunan Al-Shu'la al-Zarƙa. Nata kaɗan ne suka tsira, saboda haka mai karatu yakan tsinci abin da ta ce ne daga amsar da ya ba ta.