Jan Layi Kaɗai Ba Ya Faɗin Laifin da Aka Yi

Cike fom a waya ya zama ruwan dare: neman gurbin karatu, buɗe asusun banki, neman aiki, rajistar wani tallafi. Wurin da mutane suka fi maƙalewa kuwa shi ne bayan sun latsa maɓallin aikawa. Shafin ya ƙi wucewa, wani gurbi ya yi ja, shi ke nan, babu ƙarin bayani. Wasu sukan sake latsawa sau biyu sau uku, wasu su ɗora wa netiwok laifi, wasu su tattara takardunsu su nufi shagon kwamfuta su biya a cike musu. Sau da yawa mai cikewar bai yi wani babban kuskure ba. Wanda ya tsara fom ɗin ne bai koya masa magana ba.

Mu ɗauki gurbi guda mu bi shi daki-daki, wato na lambar waya. A Nijeriya lambobi 11 ne, suna farawa da 0. A ce wata baiwar Allah ta rubuta 10, ɗaya ta kuɓuce mata. Abubuwa uku take bukatar sani: a wane gurbi matsalar take, mece ce matsalar, kuma me za ta yi ta gyara. Jan layi yana amsa tambayar farko ce kawai, ita ma ga mai iya ganin ja.

Ba kowa ne yake iya ganinsa ba. Akwai masu makantar launi, waɗanda ja da kore suke rikice musu su koma kusan abu ɗaya. A tsakanin Turawa ana ƙiyasta namiji ɗaya cikin 12 yana da wannan larura, mata kuwa ɗaya cikin 200, kuma ana samun ta a kowace al'umma. Fom ɗin da yake nuna daidai da kore, kuskure da ja, ya zaɓi launuka biyun da suka fi wahalar da su ke nan. Ko mai lafiyar ido ma, idan yana tsaye a rana tsaka da waya mai allon da ya dushe, siririn jan layi ba zai fito masa ba. Shi ya sa ƙa'idojin WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C ta wallafa domin shafukan intanet su amfani kowa har da masu larura, suka hana dogaro da launi kaɗai wajen isar da saƙo. Suka kuma ce idan an gano kuskure, a nuna gurbin, a bayyana kuskuren da rubutu. Wannan yana cikin bugun 2008, yana nan kuma a bugun 2023.

Ba jan ne laifi ba, barin sa shi kaɗai ne laifin. A ƙara wa layin kauri yadda siffar gurbin za ta canza ko da launin bai fito ba, a sa kalmar "Kuskure" ko wata alama, sannan a rubuta jumla. Jan ma ba kowanne ba. Ana auna bambancin haske tsakanin rubutu da farfajiyar da yake kai, kuma ƙa'idar tana neman aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Ja zir, wanda masu tsara shafi suke rubutawa `#ff0000`, bambancinsa a kan fari kusan 4 ne, bai kai ba. Ja mai duhu irin `#b00020` ya haura da nisa. Layin da ya kewaye gurbin shi ma ana so ya kai 3 bisa 1. Wannan yayin na gurbi mai layi ruwan toka fayau, wanda sai an ƙura ido ake gane inda za a taɓa, kwalliya ce da take cutar da dattawa.

Ga yadda gurbin yake kasancewa idan kuskuren ya faru:

```html
<label for="waya">Lambar waya</label>
<p id="bayani">Lambobi 11, farawa da 0</p>
<p id="kuskure">Kuskure: lambobi 10 ne, saura ɗaya</p>
<input id="waya" type="tel" aria-invalid="true"
       aria-describedby="bayani kuskure">
```

Mai karatu da bai san wannan rubutu ba kada ya tsorata, abin da yake cewa kaɗan ne. Layin farko sunan gurbin ne, a samansa, ba ya gusawa. Masu tsara fom da yawa sukan sa sunan a cikin gurbin da rubutu mai haske, wanda yake ɓacewa da zarar an fara rubutu. Sai mutum ya dawo gyara kuskure, ya tarar da lambobi a gurbi, ya rasa ko lambar waya aka tambaya, ko NIN, ko BVN, alhali dukansu lambobi 11 ne. Layi na biyu yana faɗin sharaɗin tun kafin a yi kuskure, wanda shi ne mafi arha cikin dukkan magunguna. Na uku shi ne saƙon. Na huɗu kuma gurbin ne da kansa, kuma `type="tel"` yana sa wayar ta fito da maɓallan lambobi maimakon haruffa.

Sauran kalmomi biyun da suka fara da `aria` ba a ganin aikinsu a allo. An sa su ne domin makafi, waɗanda suke amfani da manhajar karanta allo, kamar TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a iPhone, ko NVDA a kwamfuta. Makaho yana bin fom ne gurbi bayan gurbi, manhajar tana karanta masa. Idan saƙon kuskure yana zaune kusa da gurbin a ido kawai, ba a ɗaure su a rubutun shafin ba, zai iya isowa gurbin ya ji "Lambar waya" ya wuce, bai san akwai matsala ba. Da `aria-invalid` manhajar tana sanar da shi cewa abin da aka shigar bai karɓu ba, da `aria-describedby` kuma tana karanta masa bayanin da saƙon. Dabara mai kyau ita ce a rataya jan layin a jikin wannan alama:

```css
input[aria-invalid="true"] {
  border: 3px solid #b00020;
}
```

Ta haka ba yadda za a yi gurbi ya yi ja ga mai gani ba tare da makaho ya ji labari ba, tunda abu ɗaya ne yake kunna duka biyun.

Jumlar kanta ita ce inda aka fi yin kasala. "Invalid input" da "An error occurred" sun cika fom-fom ɗinmu, kuma ko an mayar da su Hausa ba su faɗi komai ba. Kamar tela ne ya dawo maka da yadinka ya ce "bai yi ba," ya juya baya: gajere ne, ko yagewa ya yi? Saƙo mai amfani yana ambaton abin da ya faru da abin da za a yi. Idan an bar gurbin fayau, a ce "Shigar da lambar waya." Idan lambobin ba su cika ba, a faɗi nawa suka rage. Idan harafi ya shiga, a ce lambobi kawai ake so. Kuskure uku, jumla uku. A bar zargi, a bar manyan baƙaƙe da alamar motsin rai, mutum bai zo a yi masa tsawa ba.

A ganina ma, rabin waɗannan saƙonni bai kamata a nuna su ba sam. Wanda ya raba lambarsa da tazara domin ta yi sauƙin karantawa, ko ya fara da +234 maimakon 0, bai yi kuskure ba, lambar daidai take. Aikin manhajar ne ta cire tazarar ta daidaita lambar, aikin da bai wuce layi biyu ba. Haka nan gurbin suna da yake ƙin karɓar Sa'adatu, Mu'azu ko Ya'u saboda ɗan waƙafin da ke sama, ko Ɗanladi saboda harafi mai lanƙwasa, sannan ya ce a shigar da "ingantaccen suna". Sunan mutum ingantacce ne. Idan har tsohuwar ma'ajiyar bayanai ce ba ta iya ɗauka, to saƙon ya faɗi gaskiya: wane harafi ne ba ya shiga, da me za a maye shi.

Sai batun lokaci. Akwai fom ɗin da yake yin ja tun a lamba ta farko, yana cewa lambobi ba su cika ba alhali mutum yanzu ya fara. Akwai wanda ma da buɗe shafin duk gurabun dole sun riga sun yi ja. Wannan na biyun yakan faru ne saboda an yi amfani da `:invalid`, wanda yake ɗaukar gurbin dole da ba a cike ba a matsayin kuskure tun kafin a taɓa shi. Akwai `:user-invalid`, wanda manyan burauzoji suka gama karɓa a ƙarshen 2023, shi yana jira sai mutum ya yi rubutu ya bar gurbin, ko ya nemi aikawa. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a yi haƙuri har ya gama, amma da zarar ya gyara a ɗauke jan nan take, kada ya zauna yana shakkar ko gyaran ya karɓu.

Inda aka ajiye saƙon ma yana da tasiri, musamman a waya, inda maɓallan rubutu suke cinye kusan rabin allo daga ƙasa. Saƙon da yake ƙarƙashin gurbi yana iya ɓuya a bayansu. Shafukan gwamnatin Birtaniya na GOV.UK suna sa saƙon ne tsakanin sunan gurbin da gurbin kansa. A dogon fom kuma suna tara dukkan kurakuran a wani akwati a can sama, su kai mutum wurin kai tsaye, kowane layi idan an taɓa shi ya sada shi da gurbin da ke da matsala. Saƙon da yake bayyana ya ɓace bayan 'yan daƙiƙoƙi ba shi da wuri a fom, domin mai karatu a hankali ba zai kai ƙarshensa ba. Mafi muni shi ne fom ɗin da yake share duk abin da aka rubuta saboda kuskure ɗaya, bayan mutum ya ƙona datarsa da lokacinsa.

Gwada duk wannan ba ya bukatar kuɗi. A mayar da allon waya zuwa fari da baƙi, wanda yawancin wayoyi suna da shi a saituna, a cike fom ɗin da kuskure da gangan, a ga ko ana gane gurbin da ya samu matsala. A ƙara girman rubutu ninki biyu, a duba ko saƙon ya hau kan wani abu ko ya yanke. A kwamfuta a ajiye linzami a bi gurabun da maɓallin Tab kaɗai, a tabbata ana ganin inda ake ko da gurbin ya yi ja, domin masu tsarawa da yawa sukan goge wannan alama da `outline: none` don kwalliya. Daga nan a kunna TalkBack, a kau da ido daga allon, a rubuta lambobi 10 a latsa aikawa. Idan wayar ta yi shiru, ko ta ce "Lambar waya" ta tsaya nan, saƙon bai ɗauru da gurbinsa ba, sai a koma a duba ko sunan da ke cikin `aria-describedby` ya yi daidai da `id` na saƙon harafi da harafi.